Takardar da Na Rubuta wa Yayata

Malamarmu ta Hausa ta koya mana cewa wasiƙa iri biyu ce, akwai ta neman aiki da makamantanta, akwai kuma ta zumunci. Ta nuna mana inda ake sa adireshi da kwanan wata, da yadda ake buɗewa da gaisuwa a rufe da sallama. Na ci maki mai kyau a wannan darasi, har na ɗauka babu wasiƙar da za ta gagare ni. To, a hutun Disamba na 2024 Allah ya haɗa ni da wadda ta kai ni kwana uku ina fama. Labarinta nake so in ba ku, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu. Mai takardar ta ba ni izini, amma da sharaɗi biyu: kada in ambaci sunan kowa, kuma akwai layin da ba zan kwafa ba.

Mu mutanen Kura ne, a Jihar Kano. Yayata ta girme ni da shekara takwas. Daga aji shida na firamare ta tsaya, domin a lokacin Inna ta yi doguwar jinya, ita ce kuwa babba mace a gidan. Ta yi saukar Alƙur'ani a Islamiyya, tana ɗinkin keke, tana ɗinkin hula. Takan karanta boko sannu a hankali, amma rubutu yana yi mata nauyi, kuma tana jin kunyar hannunta. Rabin kuɗin sabulu da garin kwakin da nake zuwa da su makaranta daga kekenta suke fitowa.

Akwai wani ɗan unguwarmu da ya daɗe yana nemanta. Yaya ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "mutumin", mu kuwa ƙanne Yaya Babba muke ce masa. A 2022 kawunnansa suka kawo gaisuwa da goro da alewa, Baba ya karɓa. Aka yi magana a kan sai ya gama karatu a 2024 sa'an nan a sa rana. Yana karatun injiniyan ban ruwa a Hartum, babban birnin Sudan. Ya zaɓi wannan fanni ne domin ya tashi yana ganin yadda ruwan madatsar Tiga yake bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura, har mutane su noma shinkafa da alkama da tumatir da rani.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, muna cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF. A gidanmu ba a yi Sallar kirki ba. Yaya ta ɗinka wa mutane kayan Salla ta manta da nata. A ƙarshen watan aka fara kwashe ɗaliban Nijeriya a motocin bas. Wasu aka bi da su ta hamada zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin su shiga Aswan su hau jirgi, wasu kuma ta Port Sudan. Rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. Yaya Babba yana cikin waɗanda suka biyo ta Masar. Ya dawo da jaka ɗaya da rigar jikinsa. Littattafansa da yawancin takardunsa suna can.

Saura shekara ɗaya ya gama abin ya faru. Da ya samu gurbi a wata jami'a a Alƙahira a ƙarshen wannan shekara, sai aka mayar da shi baya, domin ba shi da cikakkiyar takardar sakamakon abin da ya karanta. Shekara ɗaya ta zama uku. Ga kuma tsadar canji. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji na Wapa, amma a Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kuɗin makarantarsa da dala ake biya. Watau abin da mahaifinsa yake sayar da buhu goma ya biya, yanzu sai ya nemi ƙari daga wani wuri. Har gonar gado guda aka jinginar.

Ranar da na dawo hutu na tarar da Yaya ta rame. Keke a rufe, hula a ajiye da allura a soke. Da daddare, bayan Inna ta yi barci, ta miƙo mini wayarta ta ce in saurara. Saƙon murya ne na minti ɗaya da rabi. Muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce ya faɗi darasi guda sai ya sake shi, ya ce ya gaji da ganin ana sayar da abin gida saboda shi, ya ce sa'o'inta duk sun yi aure wasu da goyo. A ƙarshe ya ce ya yafe mata alkawari, in ta samu wani kada ta tsaya dominsa. Kwana goma sha ɗaya ke nan da aiko shi. Ta kira, ba ya ɗauka. In ta tura saƙo, sai ya amsa da "lafiya lau" kawai.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, a wannan watan Kawu ya zo wa Baba da batun wani ɗan kasuwar hatsi na Dawanau, mai gida da mota. Baba ya ce masa addini ya hana neman aure a kan neman wani, tun da ya karɓi goron mutane ba zai buɗe wa kowa ƙofa ba sai in su ne suka janye. To, ga shi mai neman ya janye da bakinsa. In Kawu ya ji wannan saƙo, magana ta ƙare. Yaya ta ɓoye shi, ba wanda ya sani sai ni.

Ta ce, "Ke da kike makaranta, ki rubuta mini takarda. Maƙwabcinmu Alhaji zai kai mahaifiyarsa asibiti Alƙahira ranar Alhamis, ya ce in akwai saƙo a ba shi."

Na ce, "Yaya, wa yake rubuta takarda yanzu? Ki yi masa saƙon murya mana."

Ta ce, "Na yi sau huɗu ina gogewa. Da na fara sai kuka ya ci ƙarfina, shi kuwa kukan zai ji, ba maganar ba. Kuma murya iska ce. Takarda kuwa yana iya ninkewa ya sa a aljihu, ranar da zuciyarsa ta sake karyewa ya buɗe."

Na ji daɗi ƙwarai, domin na ga ranar nuna ilimi ta zo. Na karanta littattafan soyayya da yawa a ɓoye a ɗakin kwananmu, Allah ya sa shugabar ɗaki ta yafe mini. Na cika shafi biyu. Na kira shi farin watan sha huɗu, na ce ba ta ci ba ta sha, na ce hawayenta sun fi Kogin Nilu yawa, in bai dawo ba mutuwa za ta yi. Na karanta mata ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta yi dariyar da rabona da jin irinta tun zuwana.

Ta ce, "Wannan wace ce? Ni dai jiya na ci tuwo malmala biyu. In ya karanta zai san ba ni ba ce. Kuma mutumin da yake ganin ya zame mini wahala, ki ce masa ba na ci ba na sha? Ai kin ƙara masa hujja ke nan."

Na yaga. Washegari na sake wata, wannan karon da fushi, domin ni ma na ji haushinsa. Na rubuta cewa namiji ba ya raki, na lissafa masa shekarun da ta yi tana jira, na ambaci mai motar Dawanau don ya ji tsoro. Ita ma Yaya ta ƙi ta. Ta ce wanda ya faɗi ba a taka shi. Batun Dawanau kuwa za a faɗa masa, domin in ya ji a bakin wani zai yi zato, amma a layi ɗaya, ba don a razana shi ba.

A dare na uku ta ce in ajiye hikimata in riƙe biro kawai. Ta ɗauko kalandar da ke rataye a bango, da ɗan littafin da take rubuta zubin adashi. Ta zauna a bakin gado tana faɗa ina rubutawa a hasken fitila mai caji. In na gyara mata kalma sai ta ce in mayar yadda ta faɗa. Ga abin da muka rubuta.

Kura,
Jihar Kano.
17 ga Disamba, 2024.

Zuwa ga wanda na ba alkawari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Baba da Inna suna lafiya. Na je na gaida Hajiyarka ranar Juma'a, ciwon ƙafar ya yi sauƙi, har ta taka ta raka ni zaure. An gama yankan shinkafa, an shiga aikin alkama. Hunturu ya sauka sosai. An ce sanyinku na can ya fi namu a wannan wata, don Allah ka riƙa sa rigar sanyi in za ka fita Asuba.

Ƙanwata ce take rubutawa, amma maganar tawa ce, ba ta ƙara ko kalma ba.

Saƙonka ya iso, na saurare shi sau da yawa. Ban yi fushi ba. Na san ba ƙi ne ya sa ka faɗa ba, tausayi ne. Amma ina so ka tuna ba a waya ka neme ni ba. Kawunnanka ne suka zo zauren Baba da goro, aka yi addu'a, aka shafa. In har ka fasa, su za ka turo su zo su faɗa inda suka nema. In ba su zo ba, ni ban ji komai ba. Alkawarin nan na mutum biyu ne. Ka yafe mini naka rabin, to ni ban ajiye nawa ba.

Ina sanar da kai Kawu ya kawo maganar wani, Baba ya ce a'a, ni ma na ce a'a. Na faɗa maka ne don kada ka ji a wani wuri.

Ka ce ka faɗi darasi ɗaya. Na tambayi ƙaninka, ya ce darussa shida kuka yi. To, ina labarin biyar ɗin? Ka ba ni labarin wanda ya faɗi ka ɓoye waɗanda suka tsaya. Ni in na ɓata layi ɗaya a hula ba na jefar da ita, farke layin nake yi in sake. Kai da ka kwana a ƙasa a bakin iyaka, ka fito daga garin da ake harbi da ranka da hankalinka, ba darasi ɗaya ne zai kayar da kai ba. Ka je wurin malamin ka tambaye shi inda ka kuskure. Ka nemi wanda ya ci cikin abokanka ku zauna tare. Na san halinka, in abu ya dame ka sai ka rufe ƙofa ka daina cin abinci. Kada ka yi haka. Jarrabawarku tana cikin Janairu, daga yau har ku gama ban nemi ka kira ni ba. Ran Juma'a bayan an sauko ka turo mini kalma ɗaya, ta ishe ni.

Batun gonar da aka jinginar, na ji Alhajinku da kunnena yana cewa bai yi nadama ba. Jingina ba sayarwa ba ce, ana fansa. In ka dawo yanzu hannu biyu, an yi asarar gona an yi asarar karatu. In ka ƙarasa, kai ne za ka fanshe ta.

Ka ce shekaru sun yi yawa. Na ɗauko kalanda na ƙirga. Daga Janairu mai zuwa har Yulin 2026 da za ku gama, wata goma sha tara ne. Azumi biyu, Babbar Salla biyu. Na yi jiran da ya fi wannan ban san ranar ƙarewarsa ba, balle wanda na san iyakarsa.

Yanzu ga yadda nake ganin za mu yi, in ka ga gyara ka gyara.

Na farko, bayan Ƙaramar Salla mai zuwa ka sa kawunnanka su zo a sa rana, ko da ba ka nan. In an sa rana bakin kowa zai mutu, Baba ma ya huta da masu zuwa.

Na biyu, ranar da za a sa ta zama bayan kakar 2026, cikin Disamba. Lokacin an sayar da shinkafa, gidanku da gidanmu duk da ɗan abin hannu. Kai kuma in ka dawo a Agusta kana da wata huɗu ka je Abuja a tantance maka takardunka a Ma'aikatar Ilimi, tun da an ce wanda ya yi karatu a waje sai an yi masa haka kafin ya tafi bautar ƙasa. Wannan karon don Allah kada ka taso sai takardar shaidarka da ta sakamako suna hannunka, da duk hatimin da ake bukata. Ka ɗauki hotonsu ka turo wa ƙaninka tun kana can. Abin da ya faru a Hartum ya ishe mu darasi.

Na uku, na san bautar ƙasa shekara ɗaya ce, kuma ba lalle a bar ka a Kano ba. Ban damu ba. Mako ukun da za ka yi a sansani in zauna wurin Hajiya. In an tura ka inda za ka iya kama ɗaki, in bi ka da kekena, ko'ina ana sa tufafi. In ba hali, in zauna a ɗakina kana zuwa.

Na huɗu, batun kaya. Sadaki shi ne wajibi, kuma malamai sun ce mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Abin da ya sauwaƙa ka bayar, nawa ne, na karɓa. Lefe kuwa al'ada ce. Na yi magana da Inna da Gwaggo, sun yarda akwati biyu sun isa, su za su faɗa wa matan gidanku don kada a ce daga bakina ya fito. Kada ka ci bashi saboda akwatin da za a buɗe rana ɗaya a rufe. Ɗakin nan na kusa da rijiya a gidanku, in an yi masa shafe da sabon rufi, ya ishe ni.

Ni ma ba zaune nake ba. Muna adashi mu goma, zubin naira dubu biyar kowane mako, kwasa dubu hamsin. Na kwasa sau biyu, na sayi tukwane da katifa na ajiye wurin Gwaggo. Kafin ka dawo, in Allah ya yarda, gado da kujeru kaɗai za su rage wa Baba. Gwajin asibiti da dokar Kano ta wajabta kafin aure kuwa, na riga na je an duba jinina, AA ne, saboda haka ko naka ya zama AS babu fargabar sikila. Sauran gwajin sai mu yi in lokaci ya matso.

Ranar da za ka dawo ba zan zo filin jirgi ba, kada Hajiya ta ce ba ni da kunya. Ƙannenka za su taro ka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ni zan yi maka tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu in aika, tun da ka ce wake da gurasar Masar sun ishe ka. Bayan Magariba ka zo zaure. Zan shimfiɗa tabarmar nan da ka sani.

Ga saƙo wurin Alhaji: kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da yajin da na daka da kaina. Akwai hula a ciki, mako uku na yi ina ɗinka ta. Ba ta zuwa lacca ba ce, ta ranar da za a ba ka takardar shaida ce. Ka ajiye ta.

Ina sa ka a addu'a kowace Salla. Allah ya buɗa maka, ya dawo mana da kai lafiya. Haza wasalam.

Da muka kai nan sai Yaya ta karɓi biron. Ta juya mini baya, ta daɗe tana rubutu, ina jin numfashinta. Layi biyu ta yi da hannunta, haruffa manya-manya sun karkace, sa'an nan ta sa sunanta. Na gani da na zo ninkewa, amma su ne layukan da aka hana ni kwafa.

Kafin a liƙe ambulan ta yi abin da ban zata ba. Da safe ta kai wa Inna takardar ta ce in karanta mata, ban da layi biyun ƙarshe. Ta ce ba za ta aika da maganar sa rana da lefe a bayan iyaye ba. Inna ta saurara tana tsintar shinkafa, ba ta ɗaga kai ba. Da na gama ta ce, "Ku ƙara masa da cewa ina gaishe shi." Da yamma Inna ta shiga wurin Baba ta daɗe. Abin da suka faɗa ban sani ba, amma Baba da kansa ya kai ƙunshin gidan Alhaji.

Daga Kano zuwa Alƙahira tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce a jirgi, saboda haka mun san takarda ta isa ƙasar tun ranar Juma'a. Amma Alhaji yana fama da mara lafiya, sai bayan kwana shida ya samu ya kira shi ya zo asibiti ya karɓa. Waɗannan kwana shida Yaya ta ɗinka rigar wata mata hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Juma'ar farko bayan ya karɓa ba mu ji komai ba. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, Yaya ta lissafa sun daɗe da saukowa, ta kife wayar ta tafi ɗebo ruwa. Na koma makaranta a farkon Janairu ba amsa. Na tafi da nauyi a zuciya, ina cewa da an bar ni na sa farin watan nan wataƙila da ya amsa.

Sai ranar ziyara, a cikin Fabrairu, Yaya ta zo mini da dambu da ƙuli-ƙuli. Tun daga bakin ƙofa na ga amsar a fuskarta. Muka zauna a gindin darbejiya ta ba ni labari. Juma'a ta biyu ya turo kalma ɗaya kamar yadda ta nema, ya ce "Na gani." Haka ya riƙa yi har suka gama jarrabawa. Ranar da suka gama ya kira, suka yi kusan awa guda. Ya ce ya karanta takardar a tsaye a harabar asibiti, ya sake karantawa a mota har ya wuce inda zai sauka. Ya ce wurin da ya fi kama shi shi ne tambayar nan ta darussa biyar, domin shi kansa ya manta ya ci su. Ya ba ta haƙuri. Ya kuma yi gyara ɗaya: ya ce akwati uku, ba biyu ba, domin kada a raina Hajiyarsa. Yaya ta ce ta bar masa wannan.

Bayan Ƙaramar Salla, a watan Afrilu 2025, kawunnansa suka zo aka sa rana. Kawu ma yana wurin, shi ya raba goro. A Maris na wannan shekara kuma aka fara biyan masu bautar ƙasa alawus na naira 77,000 a wata maimakon 33,000, Yaya ta buɗe littafin adashinta ta sake lissafi, ta ce kuɗin hayar ɗaki ya fara fitowa.

Ba zan ce muku komai ya daidaita ba. A lokacin da nake wannan rubutu bai dawo ba tukuna, gonar tana hannun wanda aka jinginar wa, kuma kowane zangon karatu sai gidansu sun yi fafutukar haɗa dala. Amma an san rana, kowa yana aiki yana dubanta.

Ni kuwa na koma na duba takardata ta farko a zuciyata na gane inda ta gaza. Duk maganarta a kan mai rubutu take, yadda take kuka da yadda take kewa. Ta Yaya kuwa a kan mai karantawa take. Ta duba abin da yake tsoro ɗaya bayan ɗaya, darasi da gona da shekaru da kuɗin biki, kowanne ta ba shi amsa da abin da za a iya ƙirgawa. Kalmar so ba ta fito ba ko sau ɗaya a duk abin da na rubuta mata, sai a layin da ta rubuta da kanta.

Tun daga wannan hutu, kullum bayan Isha'i mukan zauna da ita da littafi mai layi. Tana kwafar shafi ɗaya, ina duba mata ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, waɗanda take yawan mantawa. In na dawo makaranta ƙaninmu yake karɓa. A hutun da ya wuce wani ɗalibi zai koma Alƙahira, aka ce a kawo saƙo. Na ɗauko biro na zauna ina jira. Yaya ta zo ta zare shi daga hannuna, ta ce in je in taya Inna wanke-wanke, ta ja labulen ɗaki.

Daga wata ɗaliba,
Aji biyar.